"Wai ana sallama da wance": Dabarar kiran zancen farko a Wagini, da abin da waya ta ɓata

A Wagini, kamar sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Batsari da maƙwabciyarta Safana a yammacin Jihar Katsina, ba a san saurayi ya ɗauki budurwa zuwa gidan cin abinci ko wurin shan iska ba. Fitar da aka sani gajera ce, daga tsakar gida zuwa zaure ko bakin ƙofa. Amma wannan 'yar tafiyar tana da nauyi, domin fitowar budurwa a karon farko magana ce da unguwa duka ke ji, ƙin fitowarta ma magana ce.

Shi ya sa kiran farko ke da tsari. Saurayi yana zuwa ya tsaya ɗan nesa da ƙofa, sau da yawa tare da abokinsa, ya samu yaro ya aike shi. Yaron ya shiga ya ce, "Wai ana sallama da wance." Daga ciki a tambaye shi, "In ji wa?" Ya faɗi suna in ya sani, ko ya ce wani ne. Daga nan komai ya koma hannun mutanen gida, saurayi kuma sai jira.

Wanda ya tashi cikin wannan al'ada bai cika tsayawa ya duba hikimarta ba. In aka duba, za a ga an gina ta ne a kan buƙata guda: a yi tambaya ta yadda wadda aka tambaya za ta iya cewa eh ba tare da an ce ta cika rawar kai ba, ta kuma iya cewa a'a ba tare da ta ci mutuncin kowa ba.

Abin da yaron aike ke ɗauka

Aikin yaron ya wuce kai saƙo. Shi ne katanga tsakanin fuska biyu. Budurwa ba ta ganin saurayin a lokacin da take yanke shawara, don haka kunyar idonsa ba ta tura ta ga abin da ba ta so. Shi ma ba ya ganin fuskarta a lokacin da ta ƙi, abin da ya iso kunnensa kawai kalma ce daga bakin yaro ɗan shekara bakwai ko takwas.

Kalmar "wai" ma tana aiki. Yaron bai ce shi ke kira ba, bai ce dole a fito ba. Ya kawo abin da aka ce ne, kuma abin da aka ce sallama ce, wadda ba ta ɗauke da sunan so ko na aure. In an ƙi ta, babu wata magana babba da ta faɗi ƙasa da za a ce an tattake.

Amsoshin da ke fitowa ba su da yawa, kuma samari sun san fassararsu. "Ka ce mashi tana zuwa" amsa ce mai daɗi, ko da za a sha tsayuwa, domin jinkirin kansa wani ɓangare ne na jan aji, kuma budurwa tana buƙatar lokaci ta kintsa, ta nemi izinin uwa. "Tana aiki" ko "tana girki" ƙofa ce da aka tura amma ba a sa mata sakata ba. "Ba ta nan", alhali saurayin ya ga shigarta, ta fi ƙarfi. Idan kuwa wani babba ya leƙo ya ce, "Yaro, an riga ka," ko "An ba da ita," to magana ta ƙare, kuma ta ƙare cikin mutunci, tunda laifin bai hau kansa ba, bai hau kanta ba.

Wasu kan ce "ba ta nan" ƙarya ce ake koya wa yara, kuma malamai da dama ba sa son ta saboda haka. Gidajen da ke kiyaye wannan sukan sauya da "ba ta samu damar fitowa ba" ko "a yi haƙuri yau", waɗanda ke yin aikin ba tare da an faɗi abin da ba haka yake ba. Ko wace aka zaɓa, saurayi yana komawa majalisar abokansa da abin da zai faɗa wanda ba zai sa a yi masa dariya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da kowa ya san kowa, inda gobe zai haɗu da yayan yarinyar a masallaci ko a hanyar gona.

Masana zamantakewar harshe sun daɗe da lura da irin wannan a wasu al'ummomi. Penelope Brown da Stephen Levinson, a littafinsu na 1987 kan ladabin magana, sun nuna cewa duk wata roƙo ko gayyata tana taɓa martabar mutum biyu: wanda aka roƙa yana jin an takura shi, mai roƙo kuma yana cikin haɗarin jin kunya. Daga cikin hanyoyin da suka ce mutane na bi akwai bar wa wanda aka roƙa mafita. Tun kafin su, a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa kunya da mutunci cikin siffofin da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su. Yaron aike shi ne inda waɗannan biyun suka haɗu a ƙofar gida.

Sai dai bai kamata a yi wa tsarin ado fiye da kima ba. Sau da yawa ba budurwar ke ba da amsa ba. Uwa ko yaya ko kishiyar uwa na iya cewa "tana zuwa" saboda saurayin ɗan gidan masu hali ne, a tura ta waje tana ɓata rai. Haka kuma ana iya cewa "ba ta nan" ga wanda take so. Yaron aike yana kare fuskar gida sosai, amma zaɓin yarinya yana kare shi ne gwargwadon adalcin mutanen gidan.

Lokacin da dare ya daina zama na zance

A da, zance na bayan sallar isha'i ne, musamman daren kasuwa da lokacin bukukuwa bayan kaka, sa'ilin da hatsi ya shigo gida, aljihun samari ya ɗan yi nauyi. Tsofaffin rubuce-rubuce ma sun nuna haka. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954 daga bakin wata dattijuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau, ya bayyana yadda ranar kasuwa da kyaututtuka ke cikin neman aure a zamaninta.

Wagini tana kusa da Dajin Rugu, kuma shekarun hare-haren 'yan bindiga sun taɓa kowane fanni na rayuwarta, har da wannan. Baƙon da ya tsaya cikin duhu a gefen katanga yana jiran yaro ya dawo, a yau ba lallai a ɗauke shi saurayi ba. Ana iya ɗaukarsa mai leƙen asiri, kuma a yankin da zargin masu kai wa ɓarayin daji rahoto ya yi yawa, wannan zato ne mai haɗari ga rai.

A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta fitar da dokar taƙaita zirga-zirga, wadda ta hana hawa babura daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin da matsalar ta fi shafa. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana, ba a maido su ba sai bayan watanni. Na tsawon watanni, saurayin da ke wani ƙauye ba shi da babur da dare, ba shi da waya da rana. Abin da ya rage shi ne ƙafa, da hasken rana, da yaron aike.

An ɗage waɗannan matakai, amma darasinsu ya zauna. Gayyatar da ke neman budurwa ta fito bayan duhu, ko ta je wani wuri nesa da gida, gayyata ce mai wuyar amsawa ko da tana so, domin ba ita kaɗai za ta amince ba, sai uwa ta yarda, sai uba ya ji hankalinsa ya kwanta. Lokacin da ya fi sauƙin amsawa shi ne tsakanin la'asar da magariba: an dawo daga Islamiyya ko ana shirin tashi, mutane na kai da kawo, kuma kiran sallar magariba zai raba zaman ba tare da wani ya ce ya gaji ba. Zancen da ke da ƙarshe tun kafin a fara shi ya fi sauƙin fitowa.

Waya ta cire yaron daga tsakiya

Yanzu mafi yawan kiran farko ba ya bi ta zaure. Saurayi ya samo lamba daga ƙawa ko ƙanwa, ya yi filashin, ya turo "slm", ko ya kira kai tsaye. Ana ganin kamar hakan ya sauƙaƙa abu, kuma ta wani gefen ya sauƙaƙa: yarinya na iya amsawa da kanta, ba sai ta bakin yaya ba. Amma duk kariyar da yaron aike ke bayarwa ta tafi.

A kiran waya babu lokacin shawara. Murya na kunnenta, tambaya ta zo, dole ta ce wani abu cikin daƙiƙa biyu, kuma tarbiyyar da aka yi mata ba ta koya mata cewa a'a ga namiji baƙo gar da gar ba. Sai ta ce "to" ko "Allah Ya kai mu", shi ya tafi da murna, ita ta kwana tana neman hanyar zillewa. A WhatsApp kuma alamar shuɗin layi biyu na nuna ta karanta, "online" na nuna tana nan. "Ba ta nan" ta mutu ke nan. Abin da ya rage mata shi ne shiru, ko ta toshe lambarsa, kuma dukansu sun fi amsar yaro zafi.

Akwai kuma tambayar da ke zuwa wa kowace mace in baƙuwar lamba ta shigo: wa ya ba shi? Saurayin da ya ƙi faɗa, yana cewa "mai nema yana tare da samu" ko "ki canka", yana ganin wasa yake yi. A yankin da ake kiran mutane a waya ana neman kuɗin fansa, baƙuwar lamba da ke ɓoye kanta tsoro take sa wa, ba sha'awa ba.

Tunda waya ta cire mafita, aikin mai gayyata ne ya mayar da ita cikin kalmominsa. Ga yadda hakan ke kasancewa a aikace.

A ɗauka wani matashi ne tela a Wagini, ya ga wata yarinya a bikin abokinsa a wata unguwa, hankalinsa ya kwanta da ita. Kafin saƙo, kafin sallama, akwai bincike, kuma wannan matakin ne aka fi tsallakewa. Yana tura ƙanwarsa ko wata gwaggo ta ji masa abu biyu: ko an yi mata miji ko akwai wanda gida ya tsayar, da kuma ko gidan na barin zance kafin a gaida iyaye. Na farko yana da tushe a addini. Hadisi ya hana mutum ya nemi aure a kan neman ɗan'uwansa, kuma a mazhabar Malikiyya, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo, hanin yana kamawa ne idan ɓangarorin biyu sun riga sun karkata ga juna. Na biyu kuma yana tsare shi daga kuskuren da ke rufe ƙofa tun daga farko, domin akwai gidajen da uba ke ɗaukar sallama da 'yarsa ba da saninsa ba a matsayin raini.

Idan hanya a buɗe take, sai lamba. Mafi kyau ƙanwar ta tambayi yarinyar ko ta yarda a ba shi. Wannan 'yar tambayar ita ce yaron aike na zamani: in ta ce a'a, ta ce wa 'yar'uwarta mace ne, kuma telan bai taɓa yin magana ba balle a ce an ƙi shi.

Sai saƙon kansa. Irin wanda aka saba gani shi ne: "Slm, tun da na gan ki na kasa barci. Yaushe za ki ba ni lokaci in zo?" Wannan saƙon yana da matsala uku. Bai faɗi ko wane ne ba. Ya ɗora mata nauyin rashin barcinsa, wato ƙin sa ya zama zalunci. Sannan tambayar "yaushe" ta riga ta ɗauka an yarda, abin da ya rage rana ce kawai. Babu yadda za ta ƙi "yaushe" sai da "ba ranar", kuma wannan kalma ce da 'yar mutunci ba ta son furtawa.

A kwatanta da wannan: "Assalamu alaikum. Ni ne wane, tela, ɗan gidan Malam wane na unguwa kaza. Ƙanwata wance ce ta ba ni lambarki da izininki. Ina so in zo mu gaisa a ƙofar gida ranar Juma'a bayan la'asar, ba zan daɗe ba. In bai yiwu ba babu komai wallahi, ko ki faɗa wa wance ta gaya mani."

Kowane yanki na saƙon na biyu yana da aikinsa. Sunan gida yana ba ta abin da za ta kai wa uwarta, domin tambayar farko da za a yi mata ita ce ɗan gidan wa. "Mu gaisa" ƙaramar buƙata ce, daidai da sallamar yaro, ba ta ɗaure kowa da alkawari. Ƙofar gida wuri ne nata, inda take da iko, kuma inda shari'a da al'ada ba su da ta cewa, tunda babu keɓewa. Rana takamaimai tana ba ta abin da za ta ƙi wanda ba shi ba: ta ƙi Juma'a, ba ta ƙi mutum ba. Jimlar ƙarshe kuma ta buɗe mata hanyar amsawa ta bakin wata, in faɗa masa kai tsaye ya yi mata nauyi.

Rubutu ya fi kira a nan, domin yana ba ta lokaci. In karatun boko bai zauna wa ɗayansu ba, saƙon murya gajere, wanda bai wuce rabin minti ba, yana yin aikin, da sharaɗin a tuna cewa wayar ba lallai tata ce ita kaɗai ba. A gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin uwa da 'ya'ya, ko ta yaya ce ake ara. Duk saƙon da saurayi ba zai so mahaifiyarta ta ji ba, bai kamata ya zama na farko ba.

Yadda ake gane ƙin rana da ƙin mutum

Nan ne samari suka fi ruɗa kansu. Amsa ta zo: "Ranar Juma'a muna da biki." Shin ƙi ne ko uzuri? Alamar ba ta cikin uzurin, tana cikin abin da ya biyo bayansa. Wadda ke so takan ɗora wani abu: "amma Asabar ina nan", ko "sai dai wani satin", ko aƙalla ta yi tambaya da ke ja da hira. Wadda ba ta so takan ajiye uzurin shi kaɗai, ta yi godiya, ta tsaya. Uzuri na gaskiya yakan zo da madadinsa.

Idan uzuri ya zo babu madadi, telan yana da damar gwadawa sau ɗaya kuma, bayan kwanaki, da wata rana daban. In na biyu ma ya dawo haka, amsa ta cika. Na uku naci ne, na huɗu takura. Akwai masu cewa mace sai da naci, cewa jan aji ne kawai, kuma finafinai da littattafan soyayya sun ƙara wa wannan tunani gishiri. Amma jan aji yana da kama: mai jan aji tana jinkiri, ba ta ɓacewa. Tana sa a jira, sannan ta fito. Wadda sau biyu ba ta fito ba, ba ta aiko da wata rana ba, ba aji take ja ba, kuma Hausawa sun riga sun ba son maso wani sunansa.

Shiru ma yana da nasa ruɗanin. Wasu samari kan kafa hujja da hadisin da ya nuna shirun budurwa yardarta ne. Wannan hukuncin yana magana ne a kan lokacin da waliyyinta ke neman izininta game da aure, inda kunya ke hana ta furta eh. Bai shafi saƙon baƙo a waya ba. Shirun WhatsApp na iya zama rashin caji, ko rashin data, ko rashin sabis, abubuwan da duk mazaunin yankin ya sani, don haka kwana biyu ko uku na haƙuri daidai ne. Bayan nan, in an ga ta karanta kuma ba ta ce komai ba, a ɗauke shi a matsayin "ba ta nan".

Abin da saurayi ya yi bayan an ƙi shi yana da tasiri fiye da yadda yake zato. "To babu komai, na gode, Allah Ya zaɓa mana mafi alheri" ta ishe shi. Wanda ya koma yana zagi, ko yana yaɗa cewa dama ba ta kai ba, ko ya tura abokai su yi mata magana a hanyar ɗiban ruwa, ya tabbatar mata ta yi daidai, kuma labarinsa zai riga shi isa gida na gaba. 'Yan mata na hira da juna fiye da yadda samari ke yi.

Kyauta kan zama igiya

In ta amince aka gaisa, sai batun abin hannu. Al'ada ta san toshi da kuɗin zance, kuma saurayin da ya tashi hannu rabbana ana iya yi masa kallon marowaci. Amma girman kyautar farko yana iya rushe duk sauƙin da aka gina. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yarinyar da aka miƙa wa sabuwar waya ko turmin atamfa a haɗuwar farko ta shiga tsaka mai wuya: in ta ƙi karɓa ta kunyata shi a gaban abokinsa, in ta karɓa gida da unguwa sun ɗauka magana ta zauna. A lokacin da talauci ya yi wa gidaje da yawa katutu, noma ya ragu saboda tsoron daji, kyauta mai nauyi na iya sa iyaye su amsa a madadinta.

Rigimar "a biya ni abin da na kashe" idan nema ya watse sananniya ce a gaban masu unguwanni da kotunan shari'a a ƙasar Hausa, kuma takan faro ne daga irin wannan. Kyautar farko da ta dace ita ce wadda za a iya mantawa da ita: ɗan abin alawa ga yaran gida, ko abin da ba zai sa kowa lissafi ba. Tura kati ko data kafin ma a gaisa shi ma bashi ne da ba ta nema ba. Ladan yaron aike kuwa, wannan haƙƙinsa ne, ko an fito ko ba a fito ba.

Zuwa da aboki ɗaya yana taimakawa, domin yana rage nauyin shiru, yana kuma nuna ba a ɓoye ake abin ba, ita ma takan fito da ƙawa ko ƙanwa. Zuwa da abokai huɗu a kan babura biyu taron shaidu ne, kuma babu mai iya cewa a'a cikin sauƙi a gaban shaidu.

Idan bazawara ce

Rikicin yankin ya bar mata da yawa babu mazaje, wasu a garuruwansu, wasu sun yi gudun hijira zuwa garin Batsari ko birnin Katsina. Neman irinsu yana da ƙa'idar da ta fi ta budurwa tsauri ta wani gefen. Matar da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, ko zuwa haihuwa in tana da ciki, kuma a cikin wannan lokaci shari'a ta hana a fito mata da maganar aure a fili. Aya ta 235 a Suratul Baƙara ta yi rangwame a kan nuni kawai, ta hana ƙulla alkawari a ɓoye. Matar da ke iddar sakin da miji ke da ikon kome kuwa, ko nunin ba a yi mata, domin igiyar mijinta ba ta gama warwarewa ba.

Bayan idda, bazawara ta fi budurwa ikon bakinta, kuma shari'a ma sai ta furta yardarta kafin a aurar da ita. Amma ƙin nata ya fi tsada in mai neman shi ne ke taimaka mata da hatsi, ko shi ya ba ta ɗakin da take zaune da marayunta. Wanda ya haɗa taimako da nema a zama ɗaya ya san amsar da zai samu, kuma ba zai taɓa sanin ko ta gaskiya ce ba. Masu hankali sukan raba biyun: taimako ya bi ta hannun wani, nema kuma ya bi ta wata dattijuwa da matar ke iya gaya wa gaskiya, tare da tabbacin cewa buhun masara ba zai tsaya ba in amsar ta zo a'a.

Wannan ka'idar ta shafi duk inda ɗaya ke sama da ɗaya: malami da ɗalibarsa, mai shago da yarinyar da ke karɓar bashi a wurinsa, mai rabon kayan agaji da wadda sunanta ke cikin takardarsa. Kalmomi masu laushi ba sa buɗe mafita idan abincin gidan mutum na hannun mai tambaya.

'Yan yankin da karatu ya kai su Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko makarantun birnin Katsina suna tarar da wani salon, inda ake iya cewa a haɗu a sha lemo bayan lacca, kuma wani lokaci macen ce ke fara aika ƙawarta. Wurin ya sauya, amma tambayoyin da mai amsa ke yi wa kanta su ne dai na zaure: wane ne wannan, ina za a zauna, wa zai gan mu, yaushe za a tashi, kuma me zai faru in na ce a'a. Ɗalibin da ya ce "mu haɗu a kantin makaranta ranar Talata bayan laccar ƙarfe biyu, ki zo da ƙawarki in kina so" ya amsa huɗu daga ciki a jimla ɗaya. Ta biyar ba a amsa ta da baki, sai ranar Laraba, idan ba ta zo ba suka haɗu a aji, ta ga ko zai gaishe ta kamar yadda ya saba.